Taga ko Mahaɗa: Yadda Ake Zaɓar Gajeriyar Hanya Wajen Lissafin Da'irar Lantarki

Mai sola ko inbata yakan haɗa batir biyu gefe da gefe, wato haɗin da masu gyara ke kira faralel, don wutarsa ta ƙara daɗewa. To idan ɗaya cike yake, ɗayan kuma ya yi sanyi, wanne ne ke ɗaukar nauyin kayan gidan? Kuma nawa kowanne ke bayarwa? Dokar Ohm ita kaɗai ba za ta amsa wannan kai tsaye ba, domin batir biyu ne ke turawa a lokaci guda, kuma kowanne yana shafar ɗan'uwansa.

Injiniyoyi suna da hanyoyi biyu na warware irin wannan. A aji ana kiran ɗaya lissafin nod, ɗayar kuma lissafin mesh. A nan za mu ce hanyar mahaɗa da hanyar taga. Duk wadda aka bi, amsa ɗaya za a samu. Bambancin yana wajen yawan aiki: da'irar da hanya ɗaya za ta warware a layi uku, ɗayar tana iya cinye shafi guda. Abin da ya kamata a sani shi ne, ana iya gane wadda ta fi sauƙi tun kafin a rubuta ko da layi ɗaya na lissafi, ta hanyar ƙirge kawai.

Dokoki biyu, hanyoyi biyu

Abubuwa uku ake aunawa a da'ira. Karan shi ne yawan wutar da ke gudana a waya, ana auna shi da amfiya. Boltej shi ne bambancin ƙarfin turi tsakanin wurare biyu, ana auna shi da bolt. Turjiya kuma ita ce yadda abu ke hana karan wucewa, ana auna ta da om. A 1827 Bajamushe Georg Ohm ya nuna alaƙarsu: karan ɗin da ke ratsa razista daidai yake da boltej ɗin da ke tsakanin kawunanta biyu, a raba da turjiyarta.

A 1845 wani Bajamushen, Gustav Kirchhoff, yana ɗalibi a jami'ar Königsberg, ya ƙara dokoki biyu. Ta farko ta ce duk karan da ya shiga mahaɗar wayoyi dole ya fita, ba ya taruwa a wurin. Ta biyu ta ce idan ka zagaya rufaffiyar hanya a cikin da'ira ka dawo inda ka tashi, hawa da saukar boltej da ka ci karo da su za su tashi sifiri.

Hanyar mahaɗa tana tsaye a kan doka ta farko. Mahaɗa ita ce wurin da rassa uku ko fiye suka haɗu. Za ka zaɓi mahaɗa ɗaya ka ce boltej ɗinta sifiri ne, kamar yadda ake ɗaukar bodin mota, sannan ka nemi boltej ɗin sauran idan an auna daga gare ta. A kowace mahaɗa za ka rubuta ikweshan ɗaya mai cewa jimlar karan da ke fita sifiri ce.

Hanyar taga, wadda ake dangantawa da James Clerk Maxwell, tana tsaye a kan doka ta biyu. Idan aka zana da'ira a takarda, layukan wayoyi suna raba ta gida-gida kamar gilasan taga a cikin firam, kuma kowane fili da wayoyi suka kewaye, babu wata waya a cikinsa, shi ne taga ɗaya. Za ka ƙaddara cewa akwai karan da ke zagaya kowace taga, ka rubuta ikweshan ɗaya na boltej a kowacce. Reshen da tagogi biyu suka yi tarayya a kansa yana ɗauke da bambancin karan ɗinsu.

Ƙirga kafin ka rubuta

Wahalar lissafin tana bin yawan abubuwan da ba a sani ba. Ikweshan ɗaya aikin minti guda ne. Biyu ana yin su da hannu ba tare da gumi ba. Uku sun fara neman natsuwa, huɗu kuwa nan ne kurakurai ke yawaita. Saboda haka rage ikweshan ɗaya kacal babbar riba ce.

Ƙirgen farko kamar haka yake. Hanyar mahaɗa tana buƙatar yawan mahaɗu a cire ɗaya, wato wadda aka mayar sifiri. Hanyar taga tana buƙatar yawan tagogi. Idan zanen ya rikice har ba ka amince da idonka ba, ƙirga rassa, ka cire yawan mahaɗu, ka ƙara ɗaya, abin da ya fito shi ne yawan tagogi. A lura cewa batir da razista da ke jere ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wata waya ta ɓalle a tsakaninsu ba, reshe ɗaya ne, kuma wurin da suka haɗu ba ya shiga ƙirgen mahaɗu.

Batir biyu da kaya ɗaya

Mu ɗauki batir na farko mai bolt 13, wanda aka cire daga caji yanzu, turjiyarsa ta ciki haɗe da ta wayarsa om 0.1. Na biyu ya sauka zuwa bolt 12, turjiyarsa om 0.2. Kayan da suke ciyarwa mu ɗauke shi a matsayin razista mai om 5. An zaɓi waɗannan lambobi ne don lissafin ya fita sumul.

A zane, batir na farko yana hagu, na biyu a tsakiya, kaya a dama. Duk kawunan masu alamar + sun haɗu a sama, masu alamar − a ƙasa. Rassa uku ke nan, mahaɗu biyu, tagogi biyu. Ƙirge ya nuna hanyar mahaɗa tana neman ikweshan ɗaya, hanyar taga tana neman biyu.

Mu fara da mahaɗa. Ta ƙasa ita ce sifiri, ta sama kuma mu kira boltej ɗinta V. Karan ɗin da ke fita daga sama zuwa kowane reshe shi ne V, a cire boltej ɗin batirin da ke reshen, a raba da turjiyar reshen:

```
(V − 13)/0.1 + (V − 12)/0.2 + V/5 = 0
10V − 130 + 5V − 60 + 0.2V = 0
15.2V = 190
V = 12.5
```

An gama. Da wannan lamba guda sauran duka suke fitowa. Kaya yana jan 12.5 a raba da 5, wato amfiya 2.5. Batir na farko ya fi mahaɗar da rabin bolt, a raba da 0.1, ke nan yana bayar da amfiya 5. Batir na biyu kuwa mahaɗar ce ta fi shi da rabin bolt, a raba da 0.2, ke nan amfiya 2.5 ne ke shiga cikinsa. Wato batirin da ya yi sanyi ba ya taimakawa da komai a wannan lokaci. Rabin abin da mai ƙarfin ke fitarwa yana tafiya ne wajen yi wa ɗan'uwansa caji. Wannan ne dalilin da ya sa masu aikin sola ke cewa a daidaita cajin batura kafin a haɗa su, kuma kada a gama tsoho da sabo.

Yanzu mu bi ta taga. Mu kira karan ɗin tagar hagu I1, na dama I2, dukansu suna juyawa yadda hannun agogo ke yi. A tagar hagu za ka hau bolt 13, ka sauka ta cikin batir mai 12, saura 1. A tagar dama za ka hau bolt 12, ka sauka ta cikin kaya. Reshen tsakiya na tagogin biyu ne, don haka om 0.2 ɗinsa ya bayyana a duka layukan:

```
0.3·I1 − 0.2·I2 = 1
−0.2·I1 + 5.2·I2 = 12
```

Ninka layin farko da 2, na biyu da 3, ka haɗa su. I1 zai ɓace, a bar 15.2 sau I2 daidai da 38, wato I2 amfiya 2.5 ne. Mayar da shi layin farko, I1 ya fito amfiya 5. Abin da ke sauka ta reshen tsakiya shi ne bambancinsu, amfiya 2.5. Amsa ba ta canza ba, aiki ne ya ninka.

Tazarar tana ƙara faɗi idan da'irar ta girma. A ƙara batir na uku da kaya na biyu, duk gefe da gefe. Mahaɗu suna nan biyu, don haka ikweshan ɗaya ne har yanzu, ya dai ƙara tsawo. Tagogi kuwa sun zama huɗu. Duk da'irar da rassanta suka taru da yawa tsakanin mahaɗu kaɗan, ta hanyar mahaɗa ce. Wadda kuma abubuwanta suka yi dogon jeri a kewayen filaye kaɗan, kowace mahaɗa rassa uku kacal, ta fi karkata ga taga.

Tushen wuta yana juya hukunci

Ƙirgen farko bai isa ba, sai an dubi irin tushen wutar da ke cikin da'irar. Iri biyu ne. Tushen boltej, kamar batir mai kyau, yana riƙe boltej ɗinsa a wuri guda komai karan da aka ja. Tushen karan kuma yana tura adadin amfiya tsayayye, boltej ɗinsa ne ke hawa da sauka gwargwadon abin da aka haɗa masa. Direban fitilar LED da wasu na'urorin caji haka suke aiki.

Kowane iri yana ba hanya ɗaya kyautar amsa. Idan tushen boltej yana tsaye shi kaɗai tsakanin mahaɗu biyu, babu razista a reshensa, to ka riga ka san bambancin da ke tsakaninsu, sai ka cire ɗaya daga ƙirgen mahaɗa. Idan kuma akwai tushen karan a wani reshe, ka riga ka san abin da ke gudana a wurin, sai ka cire ɗaya daga ƙirgen taga.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar gadar Wheatstone. Samuel Hunter Christie ne ya ƙirƙiro ta a 1833, Charles Wheatstone ya yayata ta a 1843 har sunansa ya bi ta. Ita ce ke cikin sikelin lantarki da ake auna kaya da shi. Siffarta murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwa: mahaɗar A a sama, D a ƙasa, B a hagu, C a dama. Razista huɗu suna kan gefuna, ta biyar ta gitta daga B zuwa C, tushen wuta kuma yana waje tsakanin A da D. Rassa shida, mahaɗu huɗu, tagogi uku. Ƙirgen farko ya ba kowace hanya uku, an yi kunnen doki.

Mu ce daga A zuwa B om 1 ne, daga A zuwa C om 2, daga B zuwa D om 2, daga C zuwa D om 1, ta tsakiya kuma om 1. Idan batir mai bolt 7 ke ciyar da ita, sai a mayar da D sifiri, nan take A ta zama 7. B da C kaɗai suka rage:

```
2.5·VB − VC = 7
−VB + 2.5·VC = 3.5
```

B ta fito bolt 4, C bolt 3, amfiya 1 yana gittawa daga B zuwa C, batirin kuma yana fitar da amfiya 5. Da ta taga aka bi, da sai an warware ikweshan uku.

Yanzu a cire batirin a sa tushen karan mai amfiya 5 a gurbinsa, ba tare da an taɓa ko razista ɗaya ba. A ba ta da sanannen boltej kuma, don haka hanyar mahaɗa ta koma uku. Amma tagar waje da ke ɗauke da tushen an san karan ɗinta, 5 ne. Saura tagar sama Ia da ta ƙasa Ib:

```
4·Ia − Ib = 5
−Ia + 4·Ib = 10
```

Ia ya fito 2, Ib ya fito 3, bambancinsu amfiya 1 ne a razistar tsakiya, daidai da abin da aka samu a baya. Gada ɗaya ce, razistoci ɗaya, amma canza tushen wuta ya mayar da gajeriyar hanya ta zama doguwa.

Akwai wayo ɗaya a nan. Wurin da ka aza sifiri zaɓinka ne, don haka aza shi a ƙafar tushen boltej, musamman mahaɗar da tusoshi da yawa suka taɓa. Idan tushen ya faɗo tsakanin mahaɗu biyu waɗanda babu sifiri a cikinsu, ba za ka iya rubuta karan ɗinsa da dokar Ohm ba, tunda ba shi da turjiya. Maganin shi ne ka kewaye mahaɗun biyu da tushen ka ɗauke su babbar mahaɗa guda, ka rubuta jimlar karan da ke fita daga kewayen, sannan ka ƙara ɗan layi mai cewa ɗaya ta fi ɗaya da bolt kaza. Haka ma tushen karan da ya faɗo a bangon da ke tsakanin tagogi biyu: ka haɗe su babbar taga guda, ka zagaya ta waje ba tare da ka bi ta kan tushen ba, sannan ka rubuta cewa bambancin karan ɗinsu amfiya kaza ne. A duk biyun ragin ɗaya yana nan, sai dai ya zo da ƙarin taka-tsantsan.

Inda taga ba ta shiga

Hanyar taga tana da iyaka wadda hanyar mahaɗa ba ta da ita: dole a iya zana da'irar a takarda ba tare da wata waya ta haye wata ba. Sau da yawa wayar da ake gani ta haye a littafi, idan aka sake zane aka zagayo da ita ta waje, sai a ga babu hayewa. Amma akwai da'irorin da ko yaya aka juya su sai waya ta haye waya. Sanannen misali shi ne razista goma sha biyu da aka jera a gefunan akwati mai fuska shida, aka haɗa batir daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ta fi nisa da ita. A irin wannan babu tagogin da za a ƙirga. Akwai faɗaɗɗen salo na bin zagaye da ke iya yin aikin, amma zaɓar zagayen da ba za su maimaita juna ba aiki ne mai zaman kansa.

Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamfuta ta rungumi mahaɗa. Manhajar SPICE, wadda Laurence Nagel ya rubuta ƙarƙashin kulawar Donald Pederson a jami'ar California da ke Berkeley, aka gabatar da ita a 1973, ba ta buƙatar ganin zane. Ana ba ta jeri ne kawai: razista kaza tana tsakanin mahaɗa kaza da kaza. A 1975 Ho da Ruehli da Brennan na kamfanin IBM suka wallafa gyararren salon mahaɗa, wanda ke ƙara karan ɗin kowane tushen boltej cikin abubuwan da ake nema, kuma a kansa manhajojin gwajin da'ira na yau suke tafiya. Kwamfuta ba ta damu da ƙarin ikweshan ba, abin da take so shi ne ƙa'ida ɗaya mai aiki a ko'ina. Mai riƙe da biro ne ke cin ribar ƙirge.

Hanyoyin biyu suna aiki a wutar da ke kai da komo irin ta gidaje, sai dai lambobin suna ɗaukar kusurwa baya ga girma. Kuma dukansu sun ɗauka cewa turjiya ba ta canzawa da yawan karan. Batirin da ke karɓar caji boltej ɗinsa yana hawa a hankali, don haka amfiya 2.5 ɗin da muka samu hoton lokacin haɗawa ne, zai yi ta raguwa.

Kurakurai da yadda ake kama su

Mafi yawan kuskure a alama yake. A hanyar mahaɗa, riƙe al'ada ɗaya: kowane karan ka rubuta shi a matsayin mai fita, boltej ɗin inda kake a cire na inda za shi. A hanyar taga, juya duk tagogi gefe ɗaya. Idan ka yi haka, kuma da'irar razistoci ce da tusoshi masu zaman kansu, ikweshan ɗinka za su nuna wata siffa: lambar da ke gaban I2 a layin farko za ta yi daidai da wadda ke gaban I1 a layi na biyu, kuma duka da alamar ragi. Dubi −0.2 da −0.2 a misalin batura, da −1 da −1 a gada. Idan suka saɓa, akwai reshen da ka manta ko alamar da ka juya. Amsa mai alamar ragi kuwa ba kuskure ba ce, tana nufin karan yana tafiya akasin yadda ka zana kibiya.

Kuskure na biyu shi ne ƙirga mahaɗa ɗaya sau biyu. Ɗigo biyu da waya zalla ta haɗa, babu razista ko batir a tsakani, mahaɗa ɗaya ce komai nisansu a zane.

Gwajin ƙarshe shi ne na wat: abin da aka bayar dole ya yi daidai da abin da aka ci. Batir na farko ya ba da 13 sau 5, wat 65. Batir na biyu ya karɓi 12 sau 2.5, wat 30. Kaya ya ci 31.25. Turjiyar om 0.1 ta ƙona 2.5, ta om 0.2 ta ƙona 1.25. Jimla 65 cif. Idan naka bai tashi haka ba, koma ka duba.

Idan ƙirge ya yi kunnen doki, dubi abin da aka tambaye ka. Boltej ake nema, bi mahaɗa. Karan ake nema, bi taga. Idan kuma za ka gwada amsar a kan allo na gaske, mahaɗa ta fi, domin baƙin tsinken mita a kan sifiri, ja a kan mahaɗar, za ka karanta lambar da ka lissafa ba tare da ka yanke waya ba. Karan ɗin taga kuwa ba a auna shi kai tsaye sai a reshen da ke bakin waje, wanda babu tagar da ta yi tarayya a kansa.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka fara lissafin kowace da'ira, haɗe razistocin da ke haɗuwa, ka tabbata zanen ba shi da hayewa, sannan ka rubuta lambobi biyu a gefen takarda: mahaɗu a cire ɗaya a cire tusoshin boltej masu tsayuwa su kaɗai, da tagogi a cire tusoshin karan. Wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka bi, ɗayar kuma ka ajiye ta don tabbatar da amsa.